Mai zanen kwamfuta a Birtaniya: yadda za ka rubuta bayaninka ya jawo kwastoma

Kafin ka taɓa shafinka na LinkedIn, fara duba bizarka. Bizar ɗalibi a Birtaniya ba ta halatta aikin kai ba, ko da tambarin shago ɗaya ne a kan fam hamsin. Bizar Graduate kuwa, wadda ake ba wanda ya kammala digiri a Birtaniya, ta halatta. Idan kuɗin da ka samu daga aikin kai ya haura fam 1,000 a shekarar haraji, wajibi ne ka yi rajista da HMRC, hukumar harajin Birtaniya.

Yawancin 'yan'uwanmu da suka iso sukan cika shafin da digiri, da shekarun da suka yi a ɗab'i a Kano ko Kaduna, da jerin manhajoji: Photoshop, Illustrator, CorelDRAW. Wannan duk kamfani mai ɗaukar ma'aikata ake rubuta wa. Mai gidan abinci ba ruwansa da manhajar da kake aiki da ita. Damuwarsa ita ce takardar jerin abincinsa ta tsufa, farashi ya canza, yana son sabuwa kafin Juma'a.

Don haka layin da ke ƙarƙashin sunanka ya faɗi abin da kake yi, da wanda kake yi wa, da garin da kake. Maimakon "mai zane mai hazaƙa, ina neman dama", sai ka rubuta da Turanci mai sauƙi abin da ke nufin: "Ina zana tambari, jerin abinci da allon shago ga gidajen abincin halal a Manchester." Kada ka ji tsoron wai ka ƙuntata kanka. Mai shagon aski ma zai nemo ka idan ya ga aikin ya yi kyau, amma wanda ya ce komai yana yi, babu mai tuna shi.

A cikin bayanin, yi magana da mai saye kai tsaye. Gaya masa a kwana nawa zai ga zanen farko, gyara sau nawa ke cikin farashin, rabin kuɗi ake fara biya, kuma fayil zai karɓa wanda za a buga ba tare da wani gyara ba. Sa mafi ƙarancin farashinka. Shi ke raba ka da masu cewa "ɗan taimaka min, ai namu ne". Ayyukanka na gida, kamar lebul ɗin kwalbar yaji ko katin biki, ka nuna uku masu kyau, kowanne da layi ɗaya kan matsalar da ya warware.

Sannan a maɓallin Open to, zaɓi Providing services. Koren zoben #OpenToWork da ake sa wa hoton mutum yana shelar kana neman albashi ne, cire shi.

Saƙonnin da ke shigowa su za su nuna maka inda ka kwana. Idan ana tambayar takardunka da ranar da za ka iya fara aiki, har yanzu da sauran gyara. Idan tambayar ita ce "nawa ne, kuma yaushe zan samu?", aika masa farashi a rubuce a ranar, kafin ya tambayi wani.