Yadda Ake Gane Dalilin da Taswirar Waya Ke Sauya Hanya Daga Nima Zuwa Circle

Wanda ya buɗe Google Maps a kasuwar Nima da ke Accra, ya rubuta Circle, wato babbar mahaɗar tituna ta Kwame Nkrumah, ya danna Directions, zai ga hanyar tana sauyawa duk lokacin da ya taɓa alamar mota, ta mai tafiya a ƙasa, ko ta bas. Ga yadda ake bin su ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa hanyar mota ke yin zagaye?

A fara da alamar mota. Manhajar ba ta neman hanya mafi gajarta, tana neman wadda za ta fi saurin kai mutum ne, kuma dole ta kiyaye dokar titi, wato titin da ake bi ta gefe ɗaya da wurin da aka hana juyawa. Tana kuma auna cunkoso daga saurin motsin wayoyin da ke kan titin a lokacin, shi ya sa idan Ring Road Central ta yi ja a taswira da yamma, sai ta karkatar da direba ta wata hanya mai nisa. A duba launin kafin a tayar da mota.

Me ya sa ta ƙafa ke ratsa unguwa?

Sai a taɓa alamar mai tafiya. A nan cunkoson motoci ba ya cikin lissafi, domin manhajar tana ɗaukar cewa mutum yana yin kusan kilomita 5 a awa, don haka tafiyar kilomita 3 za ta fito kusan minti 36, da safe ko da yamma. Tana iya bin lungu, matakala da gadar masu tafiya a ƙasa, amma fa sai wanda aka zana a taswirar. Lungunan Nima da Mamobi sun fi abin da aka zana yawa, kuma manhajar ba ta san inda kwata ta cika bayan ruwan sama ba. Idan layin ya nuna a tsallaka babban titi, a ƙara girman taswirar a tabbatar akwai gada ko wurin tsallakawa a daidai nan.

Ina trotro ta shiga?

Nan ne aka fi samun matsala. Alamar bas tana dogara ne da jadawalin da aka shigar mata a tsarin GTFS, mai ɗauke da tashoshi da lokutan tashi. Ita kuwa trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ba ta barin tasha sai ta cika. An zana hanyoyin trotro na Accra a OpenStreetMap, wata taswirar intanet da jama'a ke zanawa da kansu, a 2017, amma sanin hanya daban yake da sanin lokacin tashi. Saboda haka idan alamar ta nuna layi, a ɗauki sunan tasha da wurin sauka, a ƙara lokacin jira a kan mintunan da ta bayar, sannan a tambayi yaron mota inda ya nufa kafin a shiga.