Kurakuran da sabon akanta ke yi a wasiƙar neman shiga shirin horaswa na banki

Wanda ya gama digirin akanta kwanan nan yakan zauna rubuta wasiƙar neman aiki da fargaba guda: bai taɓa aiki ba, to me zai ce? Daga wannan fargaba mafi yawan kurakuran ke fitowa, alhali bankin da ya buɗe shirin horas da sababbin ma'aikata ya san ɗanyu zai ɗauka. Abin da yake son gani shi ne ko kanka na ɗaukar lissafi, ko kana lura, kuma ko za a iya ba ka amanar kuɗin mutane.

Babban kuskuren shi ne cika wasiƙa da yabon kai. "Ni mutum ne mai ƙwazo, mai gaskiya, mai juriya." Mai tantancewa ya karanta irin wannan har ya gaji, kuma ba shi da hanyar tabbatar da ko ɗaya. Maganinsa shi ne ka ɗauko aiki guda da ka yi da hannunka, ko da a zaman koyon aiki ne, ka faɗe shi da adadi. Dubi wannan:

"A watanni 6 da na yi ina koyon aiki a sashen kuɗi na wani kamfani, ni ke daidaita littafin kuɗi da takardar bayanin asusu da banki ke aikowa duk ƙarshen wata. Wani watan, bayan na cire cak ɗin da ba a kai banki ba da cajin banki, sai bambancin 270 ya ƙi fita. Da na ga 9 na raba shi ba saura, na yi zargin an juya lambobi, na bi shigarwar ɗaya bayan ɗaya har na tarar an rubuta 1,250 a maimakon 1,520."

Babu kalmar "ƙwazo" a ciki, amma duk akantan da ya karanta ya san marubucin ya zauna da littafi, ya san dabarar raba bambanci da 9, kuma bai tashi ba sai da lissafi ya hau. Sai dai a kula: kada ka sa abin da ba ka yi ba, domin a ganawa wannan sakin layin za su kama. Za a ce maka, "Cak ɗin da ba a kai banki ba, wane ɓangare ka gyara da shi?" Wanda ya aro labarin wani, nan zai yi tsuru-tsuru. Kada kuma ka ambaci sunan abokin cinikin kamfanin ko abin da ke asusunsa. Wanda ya tona sirrin inda ya koyi aiki, banki zai ɗauka nasa ma zai tona.

Kuskure na biyu ya fi damuna, don masu ilimi ne ke yinsa: su rubuta wa banki kamar kamfanin binciken asusu suke nema. Duk wasiƙar haraji da bincike, ba a ambaci bashi ko ajiya ko sau ɗaya ba. A littafin banki, kuɗin da mai ajiya ya zuba bashi ne a kan bankin, rancen da bankin ya bayar kuma shi ne kadararsa. Jimla ɗaya ta isa ta haɗa karatunka da wannan, misali cewa nazarin bayanan kuɗi ya koya maka duba ko kuɗin da ke shigo wa kamfani zai iya biyan rancen da yake nema, ba ribar da ke kan takarda kaɗai ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna kayar da mutum. Wasiƙa ɗaya a watsa wa bankuna goma, har a mance sunan wani bankin a ciki. A kwafo takardar tarihin karatu gaba ɗaya, tun daga firamare, alhali tana haɗe. A rubuta "na iya Excel" kawai, maimakon a faɗi abin da aka yi da shi, kamar haɗa jadawali biyu da VLOOKUP. Wanda ya fara jarrabawar ƙwararru irin ta ACCA kuma, ya faɗi darussa nawa ya ci, kada ya rubuta kamar ya kammala.

Shafi ɗaya ya wadatar. A layin farko ka rubuta sunan shirin yadda yake a sanarwa, da lambarsa in akwai. Kafin ka tura, ka gwada kowace lamba da takardunka: shekarar kammalawa, matakin digiri, yawan watannin koyon aiki. In wasiƙa ta ce wata 6, takardar tarihi ta ce wata 4, ka gyara tukuna, sannan ka mayar da ita PDF, ka sa cikakken sunanka a sunan fayil ɗin.