Kurakuran da aka fi yi kafin fara kallon fim mai dogon zango da ba a san ƙarshensa ba

Wata rana ƙanwata ta kira ni da dare, murya a sama. Ta shafe kusan wata guda tana bin wani fim mai dogon zango, kashi ɗaya kowane dare, ta kai ƙarshen zango na biyu, an buɗe wata ƙofa, jarumar ta zaro ido, allo ya yi baƙi. Ta shiga neman zango na uku, sai ta tarar an soke fim ɗin tun shekara biyu da suka wuce. "Yaya, me ya sa ba ka gaya min ba?" Ni kuwa ni ne na ba ta sunan fim ɗin, kuma ban duba ba. Tun daga ranar na fara lura da yadda muke yanke wannan shawara, na ga kuskurenmu kusan iri ɗaya ne.

Babbansu shi ne tambayar da muke yi. Kowa tambayarsa ita ce, "Za a kuwa ƙarasa shi?" Wannan ba mai iya amsa maka ita, har waɗanda suka rubuta labarin, domin ba su ke riƙe da kuɗin ba. Tambayar da ke da amsa ita ce: in aka tsaya a ƙarshen zangon da ke ƙasa yanzu, me zai rage a hannuna? Amsar tana cikin yadda aka gina labarin, kuma ana iya gano ta ba tare da an kalli ko minti ɗaya ba.

Akwai fim ɗin da kowane kashi labari ne mai kansa, a kama mai laifi ko a warkar da maras lafiya kafin minti arba'in da biyar su cika. Irin wannan ko yau aka soke shi, abin da ka kalla ka kalla, ba a ci bashinka ba. Akwai wanda kowane zango yake ɗaukar matsala ɗaya ya warware ta, sai a bar ɗan zare a ƙarshe don jawo na gaba. Shi ma da sauƙi, zaren ne kawai zai ɗan yi maka ƙaiƙayi. Na ukun shi ne mai haɗari: wanda aka ɗora gaba ɗaya a kan asiri guda, kowane kashi yana ƙara tambaya, ana ta yi maka alkawarin cewa amsa tana can gaba. A nan daɗin da kake ji yau bashi ne da za a biya a kashi na ƙarshe. In ba a kai can ba, kai ke da asara.

Fim ɗin 1899 misali ne da ya isa a tsaya a kansa. Netflix ta sake shi ranar 17 ga Nuwamba 2022, kashi takwas, kowanne kusan awa ɗaya. Waɗanda suka shirya shi, Baran bo Odar da Jantje Friese, su ne suka yi Dark, wanda aka kammala cikin zango uku daga 2017 zuwa 2020. Sun kuma faɗa cewa zango uku suka tsara wa sabon ma. Fim ɗin ya shiga jerin goma da aka fi kallo a Netflix ya yi makonni a ciki. Duk wanda ya duba waɗannan alamu a watan Disamba zai ce lafiya lau. Ranar 2 ga Janairu 2023 Odar ya sanar cewa ba za a ci gaba ba, ko wata biyu fim ɗin bai cika da fitowa ba.

To, wanda ya zo yau yana tunanin farawa, yaya zai auna? Lissafin lokaci tukuna: kashi takwas, awa bakwai da ɗan wani abu, mako guda ke nan in kashi ɗaya kake kallo a dare. Sannan irin ginin: na uku ne tsantsa, jirgin ruwa ne cike da abubuwan da ba a bayyana ba. Kashi na ƙarshe yana amsa babbar tambayar zangon, amma amsar kanta ƙofa ce zuwa wani labari da ba za a taɓa ba ka ba. Don haka in kai mai jin daɗin hanya ne, yanayi da wasan 'yan fim da harsuna iri-iri da ake yi a cikin jirgin sun ishe ka, awa bakwai ba ta yi tsada ba. In kuma kai ne irin wanda ba ya barci sai ya san wa ya yi kuma don me, bar shi, ka nemi Dark da aka rufe labarinsa. Da a ce zango huɗu ne mai kashi goma-goma na minti hamsin, lissafin ya koma awa talatin da uku, dare arba'in, kuma a nan ni ba zan ba kowa shawarar shiga labarin da na san ba shi da ƙarshe ba.

Wannan misali ya tona kuskure na biyu, wato ɗaukar farin jini a matsayin lamuni. Mutum ya ga fim a jerin goma na farko, ya ga ana ta maganarsa, sai ya ce ai wannan ba mai taɓa shi. Jerin yana nuna maka yawan kallo ne a mako guda. Kamfani kuwa yana ɗora kallon a kan sikeli da abin da ya kashe, yana kuma duba mutum nawa suka fara suka kai ƙarshe. Fim ɗin da aka gina masa jirgi ko birni ko aka cika shi da aikin kwamfuta yana bukatar masu kallo ninkin wanda aka yi a ɗaki biyu da 'yan wasa biyar. Kuma tsadar ba ta tsayawa wuri ɗaya, albashin 'yan wasa da marubuta yakan hau daga zango zuwa zango, alhali masu kallo galibi raguwa suke yi. Shi ya sa fim mai ƙawa da tsada, wanda masu sharhi ke yabo amma mutane ke farawa su ajiye a kashi na uku, ya fi kowanne zama a bakin rami. Gyaran mai sauƙi ne: in ka ga fim ya yi kyau fiye da kima, ka tambayi kanka ko ka san mutum ɗaya da ya ƙarasa shi.

Sai masu dogara da kalmar "an sabunta". Labari ne mai daɗi, amma alkawari ne ba fim ba. An sabunta fim ɗin GLOW don zango na huɗu wanda aka ce shi ne na ƙarshe, har an fara ɗauka, annobar korona ta tsayar da aiki, a watan Oktoba 2020 aka janye sabuntawar. Abin da ke hannu shi ne naka: ranar fitowa da aka sanar, ko a ce an gama ɗauka.

Kishiyar wannan su ne masu jiran ceto. Gaskiya ne yana faruwa. NBC ta soke Manifest a 2021 bayan zango uku, Netflix ta ɗauka ta ba shi kashi ashirin ya rufe labarinsa. Amma lura da wa ya saki, wa ya ɗauka. Kamfanin Warner Bros. ne ya shirya fim ɗin, tashar NBC haya kawai ta yi, don haka mai kaya yana da damar kai hajarsa wata kasuwa. Fim ɗin da dandalin kallo ya yi da kuɗinsa ya kuma mallaka, in ya ajiye shi, yawanci ya ajiye ke nan. Kuma ceton nan da wuri yake zuwa, cikin makonni ko 'yan watanni, kafin kwantiragin 'yan wasa ya ƙare kowa ya kama wani aiki. In shekara ta zagayo shiru, ka daina leƙe.

Akwai kuma waɗanda aka taɓa ƙonawa, suka yi rantsuwa ba za su ƙara taɓa fim ba sai an gama shi kaf. Na fahimce su, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma dokar ta yi faɗi da yawa. Tana hana ka fina-finai irin na farko da na biyu waɗanda sokewa ba ta yi musu illa, kuma kafin shekarun jiran su cika wani ya riga ya tona maka ƙarshen. Ga wani abin haushi: kamfanonin sun fi kallon alƙaluman makonnin farko, don haka masu jira suna cikin dalilan da ke sa a soke abin da suke jira. Ba na cewa kallonka kai kaɗai zai ceci fim. Ina cewa ka rage dokar ta tsaya kan iri na uku kawai, musamman in yana zangonsa na farko kuma ba a ce komai kan na biyu ba.

Binciken da ya kamata na yi wa ƙanwata bai kai minti biyar ba. A shafin fim a TMDB, wato rumbun bayanan fina-finai na intanet, akwai wurin da aka rubuta Status, za ka ga Returning Series, wato yana ci gaba, ko Ended, wato ya ƙare, ko Canceled, wato an soke. In ka ga Limited Series a jikin fim a dandalin kallo, an tsara shi ne ya ƙare a zango ɗaya. Kada dai ka yarda da Ended ido rufe, wani lokaci ana liƙa shi a kan fim ɗin da aka yanke. Buɗe shafinsa na Wikipedia, karanta sakin layin farko kawai, nan ake faɗin ko an soke shi ko an kammala, ka kuma kauce wa teburin kashi-kashi domin can ne ake zayyana abin da ya faru. Sannan ka sami wanda ya kalla ka yi masa tambaya ɗaya, ka ce ya amsa da i ko a'a: zangon ƙarshe ya rufe labarinsa?

In ya ce a'a, akwai tambaya ta biyu da mutane ba su cika yi ba: a ina ya fi dacewa in tsaya? Ba dole ne ka kalli duk abin da aka fitar ba. Sau da yawa zango na farko cikakken labari ne, domin marubutan ba su da tabbacin za a ba su na biyu, sai a na biyun su saki jiki su buɗe sababbin ƙofofi. Wani lokaci ma minti biyar na ƙarshen kashi na ƙarshe ne kawai aka liƙa don jawo zango na gaba, kafin su komai ya lafa. Fim ɗin ƙanwata haka yake. Na koma na duba daga baya: jarumar ta gano wanda take nema, an yi sallama, kiɗa ya sauka, saura minti huɗu a ƙare, sannan aka ƙwanƙwasa ƙofar nan.