Yadda zaka fitar da rahoton cikar ɗakuna da kuɗin kowane ɗaki a masauki

Da farko zuba bayanan a Excel, kowane baƙo layi ɗaya: lambar ɗaki, ranar shiga, ranar fita, kuɗin ɗaki. Goge waɗanda suka fasa zuwa da wanda aka rubuta sau biyu, sannan ka cire kuɗin abinci da wanki.

Sai ƙirga dare, ba rana ba. Ranar shiga a B, ranar fita a C:

```
=C2-B2
```

To ga inda ake yawan kwafsawa, baƙon da ya shiga 28 ga Afrilu ya fita 3 ga Mayu dare 5 yayi, amma 3 ne na Afrilu 2 na Mayu, dole ka raba layin gida biyu har da kuɗin, in ba haka ba wata ɗaya zai kumbura ɗayan ya rame.

Yanzu a ce ɗaki 10 gareka, Afrilu kwana 30 ne, dare 300 kenan. An kwana 180, raba 180 da 300, cika kashi 60 cikin ɗari. Kuɗin ɗakuna 900,000, raba shi da 300 ɗin, 3,000 kowane ɗaki a dare. In ka raba da 180 kuwa 5,000 zai baka, wannan matsakaicin farashi ne kawai, baya nuna asarar ɗakunan da suka kwana ba kowa, shi yasa ni nafi yarda da na farkon.

In kaga cika ta haura kashi 100, koma ka duba, wataƙila akwai layin da aka maimaita.