Yadda ake gano ɓatancin da ke ɓuya a sunan shafi kafin a yaɗa shi

A ce wata Hajiya tana sayar da tuwon shinkafa da dafa-duka a Shara Mansur a Makka, tana so ta buɗe Snapchat da Instagram kafin alhazai su fara sauka. Ta zaɓi Makka Shinkafa. A baki sunan lafiya lau yake, sai dai gurbin sunan shafi ba ya karɓar tazara tsakanin kalmomi, ba ya karɓar ƙ, ɗ, ɓ, kuma Instagram yana mayar da komai ƙananan haruffa. Abin da zai fito shi ne `makkashinkafa`.

Abu na farko, a rubuta sunan a takarda yadda zai fito a waya, a haɗe, da ƙananan haruffa, babu lanƙwasa. Sai a duba mahaɗar kalmomin, domin yawanci nan ɓarnar take. A ɗauki haruffa biyu ko uku na ƙarshen kalmar farko a manna su da na farkon ta biyu. A sunan Hajiya, `ka` na Makka ya haɗu da `shi` na shinkafa, ga `kashi` ya fito ɓaro-ɓaro. Wanda bai san abin da take nufi ba yana iya karanta "kashin kafa". Tunda babu lanƙwasa, babu abin da zai nuna masa ƙashi ake nufi ko bayan gida, kuma ko wanne ne bai dace da mai sayar da abinci ba.

Daga nan a sake karanta sunan da kunnen kowane yare da mutanen wurin suke ji. Mazaunin Saudiyya yana da masu karatu iri uku: 'yan uwa a Kano ko Maraɗi, maƙwabta Larabawa, da masu Turanci. Wannan matakin ya fi cin lokaci, saboda abin da yake tsaf a wani yare zagi ne a wani.

Ga alkunya, alal misali. A Jidda da Madina girmamawa ce a kira mutum Abu Rayyan ko Abu Rashid, kuma yaranmu da aka haifa a nan sun ɗauki al'adar. Amma idan aka rubuta `aburayyan`, Bahaushe zai ga haruffa huɗun da ke bin `a` na farko, wato sunan al'aurar namiji. Haka `abduridwan` yake ɗauke da na mace a tsakiyarsa. Balarabe ba zai ga komai ba, ƙannen mutum na gida kuwa za su yi ta dariya a ɓoye, ba wanda zai iya faɗa wa Yaya. Ta ɗaya ɓangaren, Fati Zara da ta rubuta `fatizara` ta saka `tiz`, wanda a Larabcin kasuwa mazaunai ke nan. Duk sunan da ya fara da "ku sayi" ko "ku sani" kuwa, `kus` ne a gabansa, zagi mai nauyi ƙwarai a kunnen Balarabe. Na Turanci ya fi sauƙin kamawa: Anas Sani ya duba tsakiyar `anassani`.

Lambobi ma a nan ba lambobi kawai ba ne. Matasan Larabawa suna rubuta wasu haruffansu da su: 3 tana tsaya wa ع, 7 tana tsaya wa ح, 5 kuma خ. Mai shago mai lamba 5 da ya sa wa shagonsa Arafat, ya rubuta `shago5arafat`, ya haifar da `5ara`, wanda su a wurinsu kashi ne. Duk lambar da wasali ya biyo bayanta, a karanta ta a matsayin harafi.

Mai suna ba ya ganin aibin sunansa, saboda idonsa ya riga ya san inda kalmomin suka rabu. Don haka a tura shi ga mutum biyu ba tare da bayani ba, ɗaya wanda ya tashi a gida, ɗaya wanda ya tashi a nan yana jin Larabcin titi, a ce su karanta da murya. In mutum ya yi jim ko ya ce "me kike nufi, Hajiya?", a tambaye shi abin da ya gani. Matasa sun fi dattawa amfani a wannan aikin.

Wajen gyara, mutane sukan ruga su sa `_` ko ɗigo, kamar `makka_shinkafa`. Yana taimakawa, amma ni ban cika dogara da shi ba: idan aka ja wa sunan layi a mahaɗin yanar gizo alamar takan ɓace, kuma mai faɗa wa wani sunan da baki yakan tsallake ta. Gara a juya kalmomin mahaɗar ta canza gaba ɗaya, `shinkafarmakka` ko `babanrayyan`, sannan a sake bin matakan daga farko da sabon sunan.

A yi duk wannan kafin a buga sunan a kati ko ledar abinci. Snapchat sau ɗaya a shekara yake barin a canza shi, TikTok sai bayan kwana 30, X kuma ba ya karɓar fiye da haruffa 15, shi ya sa `shinkafarmakka` mai 14 ya shiga da ƙyar.