Kurakuran da ma'aurata suka fi yi a kan kuɗi: ɓoye bashi da haɗa dukiya ba takarda

Na gaji da ganin sababbin ma'aurata a garin nan suna faɗawa ramin da na gabansu suka faɗa. Za su zauna su yi lissafi mai kyau, a ware na haya, a ware na makaranta, har a sa ranar sayen fili, wata uku ba su cika ba lissafin ya watse, kowa na zargin ɗan'uwansa. Sau da yawa ba tsadar kasuwa ce ta rusa shi ba, ko da yake tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa na ji a jikinsa. Abin da ke rusa shi shi ne an gina lissafin a kan kuɗin da babu su.

Babban kuskuren shi ne maigida ya faɗi albashinsa amma ya ɓoye bashin da ke kansa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka cin bashi ba shi ne abin kunya ba. Abin da ke ɓata gida shi ne matarka ta ji labarinsa a bakin mai bin ka, ya yi sallama a ƙofar gida yana ɗaga murya, ko kuma 'yan bashin waya su tura wa duk lambobin da ke cikin wayarka saƙon cin mutunci, har surukinka ya gani.

Bari mu ɗauki misali. A ce ma'aikaci ne a unguwar Mabera da ke Sakkwato, albashinsa naira 180,000, kuma abin da matarsa ta sani ke nan. Abin da ba ta sani ba shi ne ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikinsa tana cire 35,000 duk wata saboda babur ɗin da ya karɓa, saura wata takwas. Akwai adashin 20,000 da ya riga ya kwasa tun farko, saura zubi biyar. Ga kuma 40,000 na shinkafa da mai a littafin mai shagon unguwa. Kafin a ɗora tukunya, albashin ya koma 125,000. Hayar gida 360,000 ce a shekara, wato sai an ajiye 30,000 duk wata. Kuɗin makarantar yara 60,000 ne kowane zango, zango uku, ya kama 15,000 a wata. Idan za a biya mai shago cikin wata huɗu, 10,000 ke nan. Abin da ya rage wa ci da sha da man babur da magani 70,000 ne. Ita kuwa tana kallon mai 180,000, tana ganin rowa ce ta hana shi ƙara kuɗin cefane. Shi kuma yana ganin ba ta da godiya. Kowannensu na da gaskiya a kan lissafin da ke hannunsa, sai dai ba lissafi ɗaya suke riƙe da shi ba.

Adashin nan shi ne wanda mutane suka fi mantawa. Adashin da ba ka kwasa ba ajiya ce. Wanda ka riga ka kwasa kuwa bashi ne tsantsa, ko da ba a kira shi da sunan ba. Kuma a nan mata ba su fi maza gaskiya ba. Akwai atamfa da turare da aka karɓa hannun dillaliya ana biya kaɗan-kaɗan, akwai anko, akwai bikin da ƙawa ta yi maki wanda dole ki rama ranar nata, sau da yawa ma da ƙari. Duk waɗannan bashi ne. Idan ba a faɗa ba, daga kuɗin cefane za su fita, miya ta tsinke, a rasa dalili.

Gyaran da nake ba mutane shi ne a sayi littafi guda na rubutu, shafin farko na bashi ne, ba na buri ba. Kowa ya rubuta wa ke bin sa, nawa ya karɓa, nawa ya rage, nawa yake biya a wata, da watan da zai ƙare. Kada a yi wannan zama ranar da aka yi faɗa ko ranar da kuɗi suka ƙare. A yi shi kwana ɗaya ko biyu bayan albashi ya shigo, bayan Isha'i, yara sun yi barci. Sharaɗina ɗaya ne, wanda aka faɗa wa gaskiya a daren ba zai mayar da ita abin gori ba. In kika ce "Haba Malam, ashe haka kake?" to kin rufe ƙofar ke nan, ba zai ƙara faɗa maki ba. Kai ma maigida haka. Kuma ka nuna takardar albashi ko saƙon banki, kada ka tsaya a "kusan kaza ne".

Amfanin rubuta watan ƙarewa shi ne a san inda kuɗin za su nufa kafin su kuɓuta. A misalin nan, bayan wata biyar 20,000 na adashi za su dawo hannu, bayan wata takwas 35,000 su biyo baya. Idan ba a riga an sa masu suna ba, ragon layya ko kuɗin fili, za su narke cikin hidimar yau da gobe ba wanda zai ce ga inda suka shiga.

Wani abin lura ga masu son buɗe asusu ɗaya a banki da sunan su biyu. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar karɓo bashin da aka kasa biya daga sauran asusun mai bashin da ke haɗe da lambarsa ta BVN, kuma asusun haɗin gwiwa na ciki. Ke nan idan ɗayanku na da bashin banki da ya ɓoye, ajiyar ku biyu tana cikin haɗari. Kada a haɗa asusu sai an ga shafin bashi. Bashin da ake cewa ruwansa "biyar cikin ɗari kawai" kuma, a tambaya a wata ne ko a shekara. Biyar cikin ɗari a wata a kan 300,000, idan a kan uwar kuɗin ake lissafawa har shekara, 180,000 ne a sama, ban da abin da addini ya ce game da riba.

Kuskure na biyu ya fi ɓata min rai, domin ba a ganin illarsa sai ranar da ba a iya gyara shi. Mace ta sayar da sarƙarta ta zinariya ko tumakin da take kiwo, ko ta kwashi adashinta, ta miƙa wa miji a sayi fili, a rubuta takarda da sunansa shi kaɗai, ba wanda ya ce komai. In ka tambaya sai a ce ai an zama ɗaya, kunya ba za ta bari a yi rubutu tsakanin miji da mata ba. Wace irin kunya ce wannan? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware ma'aurata ba. A Musulunci dukiyar mace tata ce, ci da tufafi da wurin kwana kuma nauyin miji ne ko da ta fi shi kuɗi. Abin da ta sa a gida ba wajibinta ba ne, saboda haka dole a san matsayinsa.

Matsayin nan uku ne: kyauta, ko rance, ko tarayya. Ga bambancinsu a aikace. A ce an sayi fili a bayan gari, wajen Kalambaina, a kan 2,000,000, ita ta ba da 800,000. Allah ya yi wa mijin rasuwa, akwai 'ya'ya. Idan ba takarda ba shaida, filin duka zai shiga gado, rabonta tumuni ne, 250,000, in tana da kishiya su raba, 125,000 kowacce. Idan an rubuta rance ne, za a fara fitar mata da 800,000 ɗinta, domin bashi yana gaba da wasiyya da gado, sannan ta shiga tumunin abin da ya rage. Idan kuwa tarayya aka rubuta, kashi biyu cikin biyar na filin nata ne tun asali. Da filin zai tashi zuwa 5,000,000, tarayya ta ba ta 2,000,000, rance kuwa yana nan a 800,000 ɗinsa, ga darajar naira tana zubewa. Shi ya sa ni a kan fili ko gida ko shago tarayya nake zaɓa wa mace. Rance na bar shi ga abin da ke ƙarewa, kamar cikon kuɗin haya ko na asibiti.

Takardar ba sai ta yi tsawo ba. Kwanan wata, adadin kuɗin, matsayinsu, sa hannun su biyu da na shaidu biyu, zai fi kyau ɗaya daga danginta ɗaya daga nasa, kowa ya riƙe kwafi. In tarayya ce, sunanta ya shiga takardar cinikin filin kanta. Wannan kariya ce ga mijin ma, don kada ranar saɓani a ce ya ci abin da aka ba shi kyauta.

Sai maganar wa ke riƙe me. Akwai magidantan da ke ba da kuɗin cefane kullum safe, a ƙirga a tafin hannu, sai an roƙa ake sayen ashana. Wannan ba tattali ba ne, asara ce, domin mai sayen gwangwani-gwangwani kullum ya fi mai sayen kwano ko buhu kashe kuɗi. Akwai kuma waɗanda ke zube albashin duka a hannun uwargida, sannan su riƙa zara da kaɗan-kaɗan, ƙarshen wata a tuhume ta. Abin da na saba shawartawa shi ne maigida ya riƙe haya da makaranta da sayen hatsi, ita ta riƙe kuɗin cefane na mako ko na wata ba tare da ana bin ta kwabo-kwabo ba. Kowa ya samu ɗan abin aljihu da ba a tambayarsa. Sannan a yanka adadi, misali 20,000, wanda duk abin da ya haura shi daga kuɗin gida sai an yi shawara, har da taimakon dangi, naka da nata. Ribar sana'arta ba ta cikin wannan, sai abin da ta ga dama ta sa. Mai mace fiye da ɗaya ya yi wa kowace nata lissafin, kada jarin wannan ya ciyar da ɗakin waccan.

Sauran ƙanana ne. Azumi da Sallah da layya ba ba-zata ba ne, an san da zuwansu tun bara, a raba kuɗinsu gida goma sha biyu. Gero da dawa da shinkafa a saya da kaka, kada a jira damina ta yi nisa. Kada a ci jarin sana'ar mace da sunan "ara min zuwa ƙarshen wata". Buri ɗaya a lokaci guda, fili ko mota ko kujerar Makka, ba duka uku ba. Tsaya wa aboki a bashi kuwa, shi ma a shafin farko za a rubuta shi, domin in ya gudu, albashinka za a taɓa.