Darasi na 7: Idan Kyamarar Waya Ta Ƙi Buɗewa

Wata mai sayar da atamfa ta ɗauko wayarta za ta ɗauki hoton sabon kaya ta tura wa masu saye. Tana taɓa kyamara sai fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin, can kuma ta fita da kanta. Har ta fara lissafin kuɗin mai gyara. Bari mu bi matsalar tare, a wayar Android.

Da farko ta kashe wayar ta sake kunnawa. Dalili kuwa, wani lokaci wata manhaja, kamar wadda aka yi kiran bidiyo da ita, takan riƙe kyamarar ba ta sake ta ba. Kashewa da kunnawa kan raba su. A nan bai yi magani ba.

Sai ta shiga Settings ta taɓa Storage. Wayar mai GB 32 ce, amma abin da ya saura bai kai MB 200 ba. Ga fa inda gizo ke saƙa. Kyamara tana buƙatar wurin da za ta ajiye hoto, kuma bidiyo mai kyau na minti 1 kan ci MB 100 ko fiye. Ɗakin da ya cika maƙil ba ya karɓar sabon buhu. Me ya cinye wurin? Bidiyoyin biki da na wa'azi da ake turowa a zaurukan WhatsApp, waɗanda rabinsu ma ba ta kalla ba. Ta goge na kusan GB 2.

Daga nan ta koma Settings, ta taɓa Apps, ta nemo Camera. Ta danna Force stop, sannan ta shiga Storage ta danna Clear cache. Wannan yana share ƴan tarkacen wucin gadi da manhajar ke tarawa, domin idan ɗayansu ya lalace yakan sa ta daskare. Ba ya taɓa hotunanku. Tana buɗe kyamara sai ga atamfarta tar.

Kusa da Clear cache akwai Clear data, wasu wayoyin kuma Clear storage suke rubutawa. A kyamara, saitinta kawai yake mayarwa yadda ya zo daga kamfani, hotuna suna nan. Amma ku kula, kada hannu ya kai ku danna shi a WhatsApp, don hirarrakinku za su iya tafiya.

Idan kyamararku a katin memori take ajiya, ku cire shi ku gwada, domin lalataccen kati ma yana kawo daskarewa. In kuwa kyamarar gaba tana nunawa, ta baya baƙi a kowace manhaja, musamman bayan wayar ta faɗi ko ta sha ruwa, to a kai wa mai gyara.

Aikin gida: ku duba Storage a wayarku, ku rubuto yawan wurin da ya saura.